Rabon maki a aikin majmu'a: tambayoyin da ɗalibanmu na Madina suka fi yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan tambayoyin, kan yadda 'yan majmu'a ke cike fom su auna junansu dan a raba makin aikin da suka yi tare, kusan duk ƙarshen zangon karatu sai sun dawo, a masaukin ɗalibai ko a hanyar Harami bayan isha'i, musamman daga masu mashru'in kammala karatu da kuma sabbin da suka fito daga ma'ahadin lugga aka jefa su cikin majmu'a da mutanen ƙasashe daban daban. Shi yasa na tara su wuri ɗaya. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko: wanda ƙarfinsa bai kai ba amma yana zuwa yana yi, da wanda ya kwanta ya bar wa mutane aiki, ba ɗaya suke ba, kuma duk tsarin rabon makin da bai iya bambance su ba toh zalunci zai haifar ko da lissafinsa ya yi kyau a takarda.

Me yasa ma za a ce mu auna junanmu? Ba aikin duktur bane?

Duktur abin da ya iso teburinsa yake gani, wato rahoto da kuma yadda kuka tsaya gabansa kuka kare aikin ranar munaƙasha. Bai san wa ya kwana yana gyara lissafi ba, bai san wa aka kira sau nawa wayarsa a kashe ba. Ku ne kuka sani. In ya ba majmu'a 80 ya raba wa kowa 80, toh ya ba wani abin da bai wahalta ba, ya kuma tauye wani.

Kuma wannan kwanciyar da mutane ke yi in an haɗa su ba halin wata ƙabila bane. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa in aka sa mutane jan igiya tare, ƙarfin da kowane ɗaya ke sakawa raguwa yake yayin da yawansu ke ƙaruwa. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Latané, da abokan aikinsa sun sake gwadawa a 1979 da ihu da tafi, abu ɗaya suka gani, daga baya kuma suka nuna cewa in mutum ya san ana iya gane nasa ƙoƙarin shi kaɗai, raguwar kusan ɓacewa take. Kaga ashe babban amfanin fom ɗin tun kafin a cike shi yake farawa, da zarar kowa ya san za a tambaya a kansa.

Yaya ake lissafin? A nuna mana da lamba.

Hanyar da na fi so mu fahimta ita ce mai sauƙin nan: kowa ana ba shi 100 ya raba tsakanin duk 'yan majmu'ar har da kansa, gwargwadon abin da kowa ya yi. Bari mu ƙaddara majmu'a ce ta mutum huɗu, mu kira su Bashir, Usman, Nura da Kabiru, sunayen misali ne kawai, kuma duktur ya ba aikin nasu 80 cikin 100.

Bashir ya raba haka: kansa 30, Usman 28, Nura 27, Kabiru 15.
Usman ya raba: Bashir 32, kansa 28, Nura 25, Kabiru 15.
Nura ya raba: Bashir 33, Usman 27, kansa 25, Kabiru 15.
Kabiru kuwa cewa yayi ai duk tare muka yi, ya ba kowa 25.

Sai a tara abin da kowa ya samu daga hannun mutum huɗun. Bashir 120, Usman 108, Nura 102, Kabiru 70. Da a ce kowa yayi daidai da kowa, da kowa 100 zai samu, dan haka sai a raba jimlar kowa da 100 a samu ma'auninsa: Bashir 1.20, Usman 1.08, Nura 1.02, Kabiru 0.70. Wanda ya haura 1 abokansa na ganin ya wuce rabonsa, wanda ya gaza 1 suna ganin bai cika nasa ba. Asalin tunanin da manhajar WebPA ta jami'ar Loughborough a Ingila take bi kenan, sai dai ita maki ake bayarwa kan sharuɗɗa daban daban, ita kuma ta mayar da na kowa kaso.

Toh sai a ninka ma'aunin da 80 ɗin kai tsaye?

A nan ne da yawa suke kuskure. In ka ninka duka makin, Bashir zai tashi da 96, Usman 86.4, Nura 81.6, Kabiru 56. Duba abin da ya faru da kyau. A tsarin jami'o'in Saudiyya 60 ne bakin cin jarrabawa, 95 zuwa sama kuma shi ne mumtaz na can ƙoli. Aikin da duktur da kansa ya ce jayyid jiddan ne, 80, ga shi ya kai mutum ɗaya ƙololuwa ya kuma jefa wani ƙasa da 60, kuma duk bisa ra'ayin ɗalibai huɗu da ba su taɓa koyon duba aiki ba. Nauyin yayi wa fom ɗin yawa.

Abin da ya fi shi ne a kasa makin biyu, rabi ya tsaya na kowa da kowa tunda aikin na majmu'a ne, ɗaya rabin shi ma'aunin zai taɓa.

```
makin mutum = (rabin maki) + (rabin maki × ma'auni)
Kabiru = 40 + (40 × 0.70) = 68
Bashir = 40 + (40 × 1.20) = 88
```

Usman ya zama 83.2, Nura 80.8. Yanzu tazarar Bashir da Kabiru 20 ce ba 40 ba, Kabiru ya ji a jikinsa amma bai faɗi ba, Bashir ya ga ladan wahalarsa amma bai wuce darajar aikin nesa ba. Kuma in ka tara huɗun 320 ne cif, wato 80 sau huɗu, ba a ƙirƙiri maki daga sama ba, abin da aka cire wa wani shi aka ba wasu. Wasu malaman rabin ma suna ganin yayi yawa sai su sa kashi 30 ko 20 kawai, ni dai a ganina in aikin ya ɗauki zango guda cur kamar mashru'in kammalawa rabi yayi, in ɗan aikin sati biyu ne kashi 20 ya isa. Ko nawa ne dai, a faɗa tun satin farko. Ba a tsakiyar rafi ake canza doki ba.

In Kabiru ya waye ya zuba wa kansa maki fa?

Yana iya yi, kuma lissafin yana da wannan ƙofar. Mu ce maimakon 25 ɗin nan ya ba kansa 55, sauran ukun 15 kowanne. Abin da ya samu daga wajen mutane 45 ne, ya ƙara 55, ya zama 100 daidai, ma'auninsa ya koma 1.00 kamar wanda yayi cikakken rabonsa. Nura kuwa da ba ruwansa ya sauko 92, Usman 98. Mutum ɗaya ya juya tebur gaba ɗaya.

Amma ganewa ba wuya in mai dubawa ya buɗe ido. A ajiye abin da mutum ya ba kansa gefe da matsakaicin abin da wasu suka ba shi. Shi yace 55, su ukun duk sun ce 15. In aka ga irin wannan ramin, sai a cire takardarsa a yi lissafi da sauran ukun: Bashir 95, Usman 83, Nura 77, Kabiru 45, jimla 300, matsakaici 75. A raba na kowa da 75, Bashir 1.27, Usman 1.11, Nura 1.03, Kabiru 0.60. Wato wayon nasa ya sauko da shi daga 0.70 zuwa 0.60. Kuma haka ake yi in wani ya ƙi cike fom ɗin gaba ɗaya, da waɗanda suka cike ake lissafi, a raba da matsakaicinsu ba da 100 ba.

Akasin haka ma yana faruwa kuma mu Hausawa ya fi kamawa: mutum yayi aiki kamar me amma kunya ta hana shi ya rubuta, sai ya ba kansa 20 dan kar a ce yana yabon kansa. In sauran sun ce 32 shi yace 20, wannan ma rami ne, a gyara masa.

Me zai hana a cire makin kai gaba ɗaya, kowa ya auna sauran kawai?

Ana yi, kuma yana rufe ƙofar da ta gabata. Sai dai ku sani in ana raba 100 ne tsakanin sauran uku, mai ƙoƙarin nan dole ya zubar da 100 ɗinsa duka kan waɗanda ba su kai shi ba, sai tazarar ta ɗan matse, rago ya ɗan ɗago. Ni na fi son a bar mutum ya auna kansa amma a riƙa kwatantawa, dan ramin da ke tsakanin yadda yake ganin kansa da yadda ake ganinsa shi kansa labari ne da mushrif, wato malamin da ke kula da aikin, ya kamata ya sani.

Ɗan uwanmu yana zuwa kowane zama, yana ƙoƙari, amma Larabcinsa bai nuna ba, duk abin da ya rubuta sai an sake. Mu rage masa?

Wannan tambayar ita ta fi damuna, dan a nan ake cutar mutanen kirki. Yaro ya taso daga Katsina ko Maraɗi, yayi shekara biyu a ma'ahadi, an haɗa shi da wanda Larabci harshen uwarsa ne ko wanda yayi sakandare da Turanci zalla, ranar zama kowa na ta zuba shi yana shiru yana rubutu, sai a ƙarshe a ce ai bai kawo komai ba. Alhali shi ya je maktaba ya zaƙulo maraji'an, shi ya tattara bayanan, shi ne bai taɓa makara ba.

Matsalar daga tambayar da ke kan fom take. In aka rubuta "wa ya fi amfani" ko "wa ya fi ƙwarewa", mai baki da mai harshe ne za su kwashe. Ƙwarewar mutum kuma ai jarrabawarsa ta shi kaɗai tana aunawa, kar a hukunta shi sau biyu kan abu ɗaya. Fom ɗin majmu'a ya tambayi abin da ido ya gani kuma mutum ke da iko a kai: ya halarci zama ko ya ba da uzuri kafin lokaci, ya kawo abin da aka ɗora masa ranar da aka ce, da aka nuna masa gyara ya karɓa ya gyara, yana amsa saƙo, ya taimaki wani da nasa. Ingancin aiki ya shigo, eh, amma ya zama ɗaya cikin shida ba shi kaɗai ba. Da wannan, ɗan uwan naku zai rasa kaɗan a inganci ya cike a sauran, ya tashi wajen 0.95 ko ma 1, shi kuwa wanda ke ɓacewa sai daren miƙa aiki zai rasa a biyar ko da ya fi kowa kai.

Kuma tun wajen rabon aiki ake fara adalcin. Ku ba shi abin da zai iya tsayawa a kai, tattara bayanai, zane, gwaji, jera maraji'ai, sannan ku haɗa shi da wani a rubutun dan ya koya. Kar ku ware shi ku ce "bari kawai za mu yi" sannan ranar fom ku rubuta bai yi komai ba, wallahi wannan ba ƙaramin zalunci bane.

Ni ne nake yin kusan komai. Ba sai a bani mafi yawa ba?

Za a baka fiye da kowa in haka ne, amma malam ka tambayi kanka gaskiya: sun ƙi yi ne ko kai ka hana? Akwai mai karɓe aiki dan bai yarda da hannun kowa ba, an kawo masa babi ya goge ya sake rubutawa cikin dare bai gaya wa mai shi ba. Wannan yayi aiki da yawa amma ya kashe majmu'a. Shi yasa yana da kyau a sa wa ma'auni rufi, misali kar ya wuce 1.10 ko 1.20 ko me aka rubuta, dan kar ƙwace aiki ya zama hanyar cin riba. Hakanan ɗan bambanci kamar 0.97 da 1.03 a mayar da su 1 kawai, ba wanda zai iya rantsuwa kan wannan ɗan tsakanin.

Wannan ba gulma bace? Ɗan garinmu ne, ɗaki ɗaya muke, in na rubuta gaskiya ai na ci amanarsa.

Na san nauyin, wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya a ƙasar da ba taku ba, gobe in ka kwanta ciwo shi zai kai ka asibiti. Fatawa kam ga malamanmu nan cike da gari, a tambaye su. Abin da zan ce kawai, wanda ke da haƙƙin tambaya ne ya tambaye ka, kan abin da ka gani da idonka, kuma za a gina hukunci a kai, wannan ya fi kama da shaida. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuwa tana umartar tsayar da adalci a shaida ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Sannan ka tuna lissafin da muka yi, jimlar ba ta ƙaruwa. Duk 10 ɗin da ka ƙara wa ɗan garinku dan kara, daga aljihun ɗan Indunusiya ko ɗan Fakistan ɗin da ya kwana yana aiki ka ciro ta.

Iyakar ita ce ka tsaya kan aiki. "Bai zo zama uku ba, babi na biyu ya kawo bayan kwana biyar da wa'adi" shaida ce. "Malalaci ne dama can" kuwa ta fita daga shaida. Kuma mafi mutunci ka faɗa masa a fuska tun da wuri, kar ya fara ji daga bakin duktur.

Mun haɗu mun yarda kowa ya ba kowa 25, a zauna lafiya. Laifi ne?

In da gaske kun yi daidai, ba komai, kowa ya tashi da 80 ɗinsa. Amma mafi yawan lokaci mai ƙaramin aiki ne ke kawo shawarar, mai babban aiki kuma ya ji nauyin cewa a'a. Alamar da mushrif ke ganewa da ita: takardu huɗu lamba iri ɗaya, wurin bayani babu komai ko jimla ɗaya aka kwafa. Maganin shi ne kowa ya cike shi kaɗai, ya tura kai tsaye ta Blackboard ko Google Forms ba ta hannun shugaban majmu'a ba, kuma dole a rubuta layi biyu na dalili ga kowane mutum. Ɗalibi ya ga ma'auninsa da dunƙulallen bayani kawai, ban da sunan wanda ya faɗi me. Duk da cewa a majmu'ar mutum uku, gaskiya, ɓoye suna kusan wasa ne, kowa zai iya cankar wanda ya rage masa, nan gara a zauna gaban mushrif ayi magana a fili.

In uku suka haɗe wa ɗaya kai fa? Ta yaya za a gane?

Yana faruwa, musamman in uku yarensu ɗaya suna tattaunawa a wani gurup ɗin WhatsApp na daban, na huɗun bai ma san an canza lokacin zama ba. Lambobi kaɗai ba za su nuna ba, dan 15, 15, 15 na haɗin baki da 15, 15, 15 na gaskiya kamarsu ɗaya. Saboda haka duk wanda ma'auninsa ya faɗi ƙasa da 0.80 kar a zartar sai an kira shi an ji ta bakinsa, an kuma duba hujja. A Google Docs akwai Version history da ke nuna wa ya rubuta me da yaushe, masu kwamfuta suna da tarihin GitHub, ga saƙonnin gurup, ga takardar zama in kuna rubutawa. Amma hujjar ma a karanta ta da hankali: wani a takarda yake rubutu abokinsa ya buga masa, sai sunan mai bugawa ya fito, wani kuma layi goma ya rubuta amma su suka warware matsalar da ta tsayar da kowa sati guda. Hanya mafi saurin ganewa ita ce a ranar munaƙasha a tambayi kowa ɓangaren da ya ce shi yayi, me yasa ka zaɓi wannan hanyar ba waccan ba. Wanda yayi da hannunsa ko Larabcinsa na tuntuɓe zai amsa.

Yaushe ya kamata a cike fom ɗin?

Sau biyu. Na farko a tsakiyar zango, ba maki a kansa, kowa dai ya ga inda yake. Da Kabiru ya ga 0.70 a sati na shida ko na bakwai yana da sauran lokacin gyarawa, kuma a ƙarshe ba zai ce ba a gaya masa ba. Na biyu bayan an miƙa aiki amma kafin duktur ya fitar da maki, dan in maki ya fito ƙasa da zato kowa neman wanda zai ɗora wa yake.

Wanda yake da uzuri na gaske, rashin lafiya ko rasuwa a gida, ko baƙi sun zo umara dole ya tsaya musu?

A raba biyu. Ciwo da rasuwa da haihuwar iyali ba hurumin 'yan majmu'a bane, ya kai wa mushrif da takarda, shi zai yanke ko a cire waɗannan satuttukan daga awo ko a sake masa rabo. Ku dai ku rubuta abin da ya faru tsakani da Allah, ku ƙara da cewa ya sanar da uzuri ranar kaza. Baƙin umara kuwa, musamman a Ramadan, duk mun san yadda abin yake, kawu ko surukai sun sauka ba yadda za ka yi, amma wannan ana sanin zuwansa tun kafin lokaci. Ka faɗa wa majmu'a da wuri, ka gabatar da naka kafin su iso ko ku yi musaya da wani ka karɓi nasa na gaba, a rubuta a gurup kowa ya gani.

Duktur ɗinmu bai kawo wannan tsarin ba sam, maki ɗaya yake ba kowa. Me za mu yi?

Ba za ku iya canza masa rabon maki da kanku ba, amma kuna iya zuwa a sa'o'in ofis ɗinsa tun farkon zango, ku biyu ko uku ba mutum ɗaya ba dan kar ya zama ƙara, ku tambaya ko zai yarda ku haɗa da shafi ɗaya a ƙarshen rahoto mai nuna wa yayi me, kowa ya sa hannu. Shafin ya zama jadawali ne kawai: aikin, sunan wanda aka ɗora wa, ranar wa'adi, ranar da ya kawo. Ku fara cike shi daga zaman farko, kuna sabunta shi kowane sati a gaban kowa, dan wanda aka zauna aka rubuta daren miƙa aiki daga abin da aka tuna, rigima kawai yake jawowa.